Yadda Ma'aikaci Mai Iyali Zai Tsara Jadawalin Karatunsa na Mako

Wanda ya koma makaranta bayan shekaru yana aiki, kuma yana da iyali a wuyansa, yakan fara da ɗaukar biro ya zana jadawali mai cike da sa'o'in da yake fatan samu: uku da dare kullum, shida ranar Asabar, shida ranar Lahadi. Irin wannan jadawali ba ya kai mako na uku, domin an gina shi a kan buri, ba a tambayi makon ko yana da waɗannan sa'o'i ba. Hanyar da za a bi a nan ta lissafi ce. Za a ƙirga lokacin da ya rage a hannu, a ƙirga lokacin da darussan suke nema, a daidaita su biyun, sannan a zo kan zane.

Domin maganar ta tsaya a kan ƙafa, za mu bi misalin wani ma'aikacin ofis, magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, wanda mahaifiyarsa take zaune a wata unguwa cikin gari ɗaya da shi, kuma ya yi rajistar digiri a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN. An zaɓi wannan jami'a ne saboda tsarinta ya ɗora kusan dukkan nauyin tsara lokaci a kan ɗalibi: littattafan kwasa-kwasai suna hannunsa, babu malamin da zai kira suna kowace safiya, kuma ana raba maki ne kashi 30 ga ayyukan gwaji na cikin zango da ake kira TMA, kashi 70 ga jarrabawar ƙarshen zango. Wanda yake karatu a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, ko a wani shirin ƙarshen mako na jami'a ko kwaleji, zai iya bin matakan nan, sai dai ya fara cire sa'o'in lacca daga lissafinsa.

Mataki na farko: ka ƙirga makonka kamar yadda yake

Mako yana da awa 168, kuma daga nan ake fara ragi. Kafin ka rubuta komai, ka ɗauki kwana 7 kana lura da inda lokacinka yake tafiya, kana rubutawa a ƙaramin littafi duk dare kafin ka kwanta. Kada ka gyara halinka a wannan makon domin lissafin ya yi kyau, tunda kai kaɗai za ka gani, kuma ƙarya a nan kai za ta cutar.

Ga abin da ma'aikacin namu ya samu. Barci yana cin awa 7 kowane dare, wato 49 a mako, saura 119. Aiki daga ƙarfe 8 zuwa 4 ne Litinin zuwa Alhamis, ranar Juma'a kuma ana tashi ƙarfe 1, jimilla awa 37, saura 82. Zuwa ofis da dawowa, har da ajiye yara a makaranta da cunkoson hanya, sun ci awa 8, saura 74. Salloli da zuwa masallaci, ban da waɗanda suke faɗowa cikin lokacin aiki, sun kai awa 10, saura 64. Cin abinci da wanka da shiri sun ɗauki 14, saura 50. Hidimar gida, wato cefane, da kai yara Islamiyya, da duba musu aikin makaranta, da zama da uwargida, da zuwa gaishe da Hajiya, ta kai awa 18, saura 32. Sai zumunci: ɗaurin aure, suna, dubiya, ta'aziyya. Ya ba shi awa 6, ko da yake akwai makon da ya fi haka. Abin da ya rage shi ne awa 26.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga 26 a ce an samu lokacin karatu. Waɗannan sa'o'i ba a dunƙule suke ba. A cikinsu akwai minti 20 na jiran abinci, akwai rabin awa bayan dawowa daga aiki lokacin da jiki ya mutu, akwai zaman majalisa a ƙofar gida wanda mutum ba zai yanke shi gaba ɗaya ba, sai dai ya rage. A ganina abin da ya fi aminci shi ne a raba adadin biyu, a ɗauki rabi. Ma'aikacin namu yana da awa 13 ke nan. Daga cikinsu zai ware 2 ya ajiye ba tare da ya ɗora musu wani darasi ba, kuma za mu zo kan dalilin hakan. Awa 11 ce jarinsa na gaskiya.

Mataki na biyu: ka auna nauyin darussan

Littattafan NOUN an kasa su ne zuwa manyan sassa, kowane sashe kuma yana da ƙananan babi, kowane babi da gabatarwarsa, da manufofinsa, da gundarin bayani, da taƙaitawa, da tambayoyin gwada kai. Wannan tsari ya sauƙaƙa awo. Ka buɗe shafin abubuwan da ke ciki na kowane kwas, ka ƙirga babin, ka rubuta adadin a gaban sunan kwas ɗin.

Bayan haka sai ka gwada kanka da agogo. Ka zaɓi babi ɗaya daga tsakiyar littafi, domin babin farko yakan zama mai sauƙi ya yaudare ka. Ka karanta shi a natse, ka rubuta muhimman abubuwa da hannunka, ka rufe littafin ka amsa tambayoyin ƙarshe, sannan ka duba agogo. Ka maimaita da babi daga wani kwas mai lissafi ko mai wuyar Turanci. Wanda ya shekara 10 ko 15 rabonsa da aji zai tarar karatunsa ya yi nauyi fiye da yadda yake tunawa, kuma ba abin kunya ba ne, saurin yakan dawo bayan 'yan makonni. Amma jadawalin wannan zango da saurin yau za a gina shi. Ma'aikacin namu ya tarar babi ɗaya yana cin masa awa ɗaya da rabi.

Sai kalandar zango. A ce daga ranar da ya kammala rajista zuwa ranar fara jarrabawa akwai mako 14. Biyu na ƙarshe na bita ne, ba a karanta sabon abu a cikinsu, don haka makonnin karatu 12 ne. Ya yi niyyar ɗaukar kwas 6, kuma da ya haɗa babinsu ya samu 90. Idan aka raba 90 gida 12, ana samun babi bakwai da rabi a mako, wanda ya haura awa 11 kaɗan. A ƙara awa ɗaya ta TMA da awa ɗaya ta bitar mako, an wuce awa 13. Shi kuwa 11 gare shi.

A nan ne ake yanke shawarar da ta fi kowace muhimmanci a zangon, kuma yawancin mutane sukan yanke ta da zuciya. Sukan ce za su ƙara ƙoƙari, su rage barci, Allah zai kawo sauƙi. Rage barci bashi ne da ake biya a ofis da gyangyaɗi, a gida da saurin fushi, a kan littafi kuma da karanta shafi ɗaya sau uku ba a fahimta ba. Abin da ya fi shi ne a rage kaya. Ma'aikacin namu ya ajiye kwas ɗaya mai babi 18 zuwa wani zango, saura babi 72, wato 6 a mako, awa 9. Da TMA da bita sun zama 11 daidai. Sai dai kafin ka ajiye kowane kwas ka je cibiyar karatunku ka tambayi mai ba ɗalibai shawara, domin akwai kwasa-kwasan dole, akwai waɗanda sai an ci su ake ɗaukar na gaba, akwai kuma mafi ƙarancin kiredit, wato ma'aunin nauyin kwasa-kwasai, da aka yarda a yi rajista da shi. Wannan tambaya kafin biyan kuɗin rajistar kwas da na jarrabawa ake yin ta. Kwas 5 da aka ci sun fi 6 da aka faɗi biyu a cikinsu aka sake biya musu kuɗi.

Mataki na uku: ka rataya karatun a jikin salloli

Jadawalin da aka rubuta da ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza yakan karye da zarar an yi lattin minti 15, saboda mutum yana ganin ya riga ya saɓa. Wanda aka ɗaure shi da abin da ba ya tashi kullum ya fi daɗewa, kuma a gidan Musulmi babu abin da ya kai salloli biyar tabbata. Maimakon ka rubuta ƙarfe 5:45, ka rubuta “da dawowa daga sallar Asuba”. Maimakon ƙarfe 8:30, ka rubuta “bayan Isha'i da cin abinci”. Dawowa daga masallacin ita za ta zama ƙararrawarka.

Lokutan yini ba darajarsu ɗaya ba. Bayan Asuba kai a sake yake, gida shiru, waya ba ta fara ƙara ba, kuma ba a cika yin baƙo ba. Nan ne wurin sabon karatu da duk abin da ke buƙatar tunani. Tsakanin La'asar da Magariba a ranakun aiki lokaci ne na hanya da gajiya da yara, kada ka sa masa komai. Tsakanin Magariba da Isha'i gajere ne, kuma a gidaje da yawa na karatun Alƙur'ani ne da cin abinci. Bayan Isha'i akwai lokaci, amma ƙwaƙwalwa ta yini tana aiki, don haka abin da ya dace da shi aiki ne mara nauyi kuma mai iyaka.

Wannan ne ya sa ma'aikacin namu ya raba babi ɗaya gida biyu. Daga Litinin zuwa Alhamis, da dawowa daga Asuba yana zama awa ɗaya ya karanta babin ranar ya rubuta muhimman abubuwa. Bayan Isha'i yana zama rabin awa kawai, littafi a rufe, ya amsa tambayoyin gwada kai na babin da ya karanta da safe, sannan ya buɗe ya duba inda ya kuskure. Tazarar da ke tsakanin safiya da dare tana da amfani a kanta, domin ƙoƙarin tuno abu bayan an fara mantawa da shi ya fi kafa shi a kai fiye da sake karanta shi nan take. A kwana huɗu ya gama babi 4 cikin awa 6.

Ranar Asabar yana zama awa 3 da safe, daga bayan karin kumallo na wuri zuwa wajen ƙarfe 10, da hutun minti 10 a tsakiya, ya gama babi 2. An zaɓi safiya da gangan, saboda yawancin ɗaurin aure da taron dangi daga hantsi suke farawa, kuma wanda ya ajiye karatun Asabar zuwa yamma ya miƙa shi ga duk mai katin gayyata. Ranar Lahadi da safe awa 2 ne: ɗaya ta TMA, ɗaya ta bitar babi 6 na makon, inda yake bin abin da ya rubuta da hannunsa yana gwada faɗinsa da ka. Juma'a babu karatu ko kaɗan. Ranar masallaci ce, da zuwa gidan Hajiya, da zama da yara, kuma kowa a gidan ya san haka.

Akwai abu ɗaya game da Asuba da ya kamata a lura da shi. Lokacinta yana matsawa da kusan awa guda tsakanin farkon damina da tsakiyar hunturu a arewacin Najeriya. Da damina ana idar da salla da sauran lokaci mai yawa kafin shirin makaranta, amma a watannin Disamba da Janairu awar tana matsewa, ga sanyi yana jan mutum zuwa bargo. A irin wannan lokaci ya fi kyau a juya tsarin, a tashi rabin awa kafin kiran salla a fara, a ƙarasa sauran rabin bayan an dawo.

Game da rabon kwasa-kwasai a kan ranaku, kowane kwas ya samu ranarsa tsayayya, domin kada ka ɓata minti 10 na farko kana tunanin wanne za ka ɗauka. Kwasa-kwasan ma'aikacin namu suna da babi 20, 16, 14, 12 da 10. Guraben mako 6 ne, kwas 5, saboda haka kowanne ya samu gurbi ɗaya, gurbi na shida kuma, wato na biyu a safiyar Asabar, ya tafi ga mai babi 20 har mako 8, sannan ga mai 16 a sauran mako 4. Mai babi 10 zai ƙare a mako na 10, sai ya bar wa mai 14 ranarsa. Kwas ɗin da ya fi ba shi tsoro ya sa shi ranar Litinin, lokacin da ƙarfin hutun ƙarshen mako bai ƙare ba. Ajiye mai wuya zuwa Alhamis hanya ce ta guje masa cikin ladabi.

Mataki na huɗu: gurbin ajiya

Awa 2 da aka ware tun farko suna zaune ne ranar Lahadi tsakanin La'asar da Magariba, kuma a kan takarda babu abin da aka rubuta a gabansu. Aikinsu biyan bashi. Yaro zai yi zazzaɓi a kwana a asibiti, za a yi rasuwa a unguwa a tafi jana'iza da zaman makoki, shugaba a ofis zai riƙe ka har dare saboda rahoton da ake jira. Waɗannan ba haɗari ba ne da ke zuwa sau ɗaya a shekara, su ne rayuwar magidanci, kuma jadawalin da bai bar musu wuri ba yana jiran ranar rushewarsa ne. Idan babin Talata ya kuɓuce, ba a tura shi Laraba ya ture na Laraba, domin daga nan ne mako gaba ɗaya yake zamewa. Ana barin Laraba ta yi nata, a kai na Talata yammacin Lahadi.

Idan makon ya tafi lafiya ba a ci bashi ba, awa biyun naka ne da iyalinka. Kada ka cika su da karatun gaba saboda zumuɗi. Hutun da ake samu a irin wannan yammaci shi ne ladan da ke sa mutum ya tashi da Asubar Litinin ba tare da jin an zalunce shi ba.

Mataki na biyar: ka kai takardar gaban mutanen gida

Jadawalin da maigida ya ƙulla shi kaɗai a ransa, uwargida za ta gan shi ne a matsayin sabon hali: mutum ya daina hira, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ka zauna da ita kafin zango ya fara, da takardar a hannu, ka nuna mata lokutan da kake nema da waɗanda ka bar wa gida. Magana irin wannan ta isa: “Maman yara, awa ɗaya nake roƙo bayan Asuba da rabin awa bayan Isha'i, sai safiyar Asabar da ta Lahadi. Juma'a taku ce gaba ɗaya, cefane da kai yara Islamiyya kuma suna nan a wuyana. Wata uku da rabi ne, sai a yi hutu.” Faɗin ranar ƙarewa yana da muhimmanci, domin an fi haƙuri da abin da aka san iyakarsa. Ka saurari abin da za ta ce, wataƙila ta san wani abu game da safiyar Asabar da kai ba ka lura da shi ba. Mahaifiya kuma a gaya mata tun wuri, a nemi addu'arta, a tsayar mata da ranar zuwa gaisuwa wadda ba ta tashi, domin abin da ke damun iyaye shi ne su ga ƙafa ta ɗauke ba bayani.

Yara 'yan makaranta za a iya jawo su cikin tsarin. Rabin awar bayan Isha'i ta dace da lokacin aikin gidansu, kowa da littafinsa a tabarma ɗaya, da sharaɗin a tara tambayoyi sai an gama. Mai mata fiye da ɗaya ya kula kada karatunsa ya riƙa tsananta a kwanan ɗaya ya yi sauƙi a kwanan ɗayar, domin ko bai nufa ba za a lissafa masa.

Idan mai karatun mace ce, ma'aikaciya kuma uwa, lissafin mataki na farko zai fito daban, kuma ba daidai ba ne a miƙa mata jadawalin namiji. Bayan Asuba shi ne lokacin da ta fi kowane cunkushewa, da ɗora abin kari da wankan yara da shirya su. Awarta mai kyau takan kasance kafin Asuba, ko bayan yara sun yi barci, ko lokacin hutun rana a wurin aiki. Abin da za ta nema wurin maigida ya zama takamaimai, misali ya ɗauki kai yara makaranta kwana uku a mako, ko ya fita da su safiyar Asabar zuwa gidan kakanninsu, domin “a taimaka mini” magana ce da kowa zai amsa da to ba tare da wani abu ya canza ba. Wadda take da abokiyar zama tana iya tara karatu mai nauyi a ranakun da ba ita ce da girki ba. Mai aikin karɓa-karɓa kuma, kamar ma'aikatan jinya, ba da sunayen ranaku za ta tsara ba, da zagayen aikin za ta tsara: babi kaza a ranar aikin safe, kaza a ranar hutu, babu komai a washegarin aikin dare.

Wuta da data da wurin zama

Awa ɗaya ta Asuba ba ta jure neman caja. Ka sauke littattafan duka a waya ko kwamfuta tun makon farko, kuma idan da hali ka buga na kwasa-kwasai biyu mafi wuya a takarda, domin takarda ba ta mutuwa idan an ɗauke wuta, saƙo kuma ba ya faɗowa a kanta. Fitila mai caji ta kwana a cike. Tun da dare ka buɗe littafin a shafin da za ka fara, ka ajiye biro a kai, a wuri ɗaya kullum, ko da kusurwar falo ce. Idan a waya kake karatu, ka kashe data kafin ka fara.

TMA a intanet ake yin sa, kuma yana da ranar rufewa. Ka rubuta ranakun a saman jadawalinka da zarar an sanar, ka ɗauka cewa ranarka ta ƙarshe mako guda ce kafin ta jami'a, saboda a kwanakin ƙarshe kowa yana kan shafin a lokaci ɗaya, kuma ranar ce sabis yake zaɓa ya yi rauni. Maki 30 da ake samu a zaune a gida, da littafi a kusa, bai kamata a rasa su saboda latti ba.

Mataki na shida: dubawar daren Lahadi

Kowane daren Lahadi ka ɗauki minti 10 ka yi wa kowane gurbi alama, an yi ko ba a yi ba, sannan ka rubuta lambobin babin mako mai zuwa a gaban ranakunsu. “Karatu” ba aiki ba ne da ake iya cewa an gama, amma “babi na 7” ana gama shi. Bayan mako 3 alamomin za su fara magana. Idan gurbi ɗaya ne yake faɗuwa kullum, a ce daren Laraba, to akwai abin da ke zaune a wurin wanda ba ka lissafa ba, kuma gurbin za a matsar, ba kai za a zarga ba. Idan gurbin ajiya yana cika kowane mako har bashi yana ragowa, lissafin mataki na biyu ne ya yi kuskure, wataƙila babi yana cin awa 2 ne. Idan kana zama a kan lokaci amma tambayoyin dare suna gagarar ka, to karatun safen ya zama bin layi da ido, sai ka rage gudu ka riƙa tsayawa bayan kowane ƙaramin kai kana faɗin abin da ya ce da kalmominka. Gyangyaɗi a ofis kuwa alama ce cewa awar Asuba daga barci aka yanko ta, kuma maganinsa kwanciya da wuri, wato majalisar dare ko kallon waya ne za su biya.

Wani lokaci bashin yakan fi ƙarfin gurbin ajiya, kamar idan rashin lafiya ko tafiyar aiki ta cinye mako biyu, babi 12 suka taru. Kada ka yi yunƙurin biyan su duka da cikakken karatu. Ka koma kan jadawali daga inda kalanda take, sannan babin da suka wuce ka bi su a gurbin ajiya da gajeren karatu na minti 30 kowanne: manufofi, taƙaitawa, tambayoyi, sai ka shiga gundarin bayani a inda tambaya ta gagara kawai. Babi 4 a kowace Lahadi, cikin mako 3 an rufe ramin.

Azumi da makonnin jarrabawa

Watan Ramadan yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka a digiri na shekara huɗu ko fiye sai ya ratsa zangon karatu. Ka duba kalanda tun ranar rajista. A cikinsa rabin awar bayan Isha'i ta tafi ga tarawihi, yamma ta tafi ga tafsiri da shirin buɗa-baki, goman ƙarshe kuma ga tahajjud. Abin da ya rage mai kyau shi ne bayan sahur da Asuba, lokacin da ciki bai daɗe da samun abinci ba. Ka haɗa karatu da tambayoyinsa a wannan zama ɗaya, ka sauko daga babi 6 zuwa 4 a mako, ka ɗauki makon Salla a matsayin wanda babu shi. Gibin da wannan zai bari ana rage shi ne tun kafin watan ya kama, ta hanyar aron gurbin ajiya na makonnin da suka gabace shi, kuma wannan ne kaɗai lokacin da ya dace a cika gurbin da karatun gaba.

Makonni biyu na bita suna amfani da gurabe iri ɗaya, abin da ke cikinsu ne yake canzawa. Da zarar jadawalin jarrabawa ya fito, ka jera kwasa-kwasan bisa ranakunsu, wanda za a fara rubutawa shi ake fara bita. Safiya ta zama ta amsa tambayoyin shekarun baya da agogo a gaba, dare kuma na duba kurakurai. Ka san irin jarrabawar da ke jiranka, domin a NOUN 'yan aji ɗaya da aji biyu a kwamfuta suke yi, daga aji uku zuwa sama kuma da biro da takarda, kuma wanda zai rubuta da hannu yana buƙatar ya gwada rubuta cikakkiyar amsa a cikin lokaci, tunda hannun da ya daɗe bai yi dogon rubutu ba yakan gaji tun a tambaya ta biyu. Jarrabawa tana iya faɗowa ranar aiki, saboda haka ma'aikacin namu ya rubuta takardar neman wani ɓangare na hutunsa na shekara tun a mako na 8, ya bar ranakun a buɗe har jadawalin ya fito, kuma ya shirya da abokin aikin da zai riƙe masa teburinsa a kwanakin da zai kasance a cibiyar jarrabawa.